Gwajin Bayan Gida Don Neman Tsutsotsin Ciki da Amiba: Tambayoyi da Amsoshi Daga Damagaram

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin tagar labo, wasu daga majinyata da iyayen yara, wasu kuma daga ɗalibai masu koyon aiki. Duk sun shafi gwajin da likitocinmu ke rubutawa a takarda da haruffa uku, KOP, wato neman kis, sigar ƙananan halittu a cikin kwanso, da ƙwai da sauran halittun da ke rayuwa a hanjin ɗan Adam. Ana yin wannan gwaji ta hanyoyi uku: dubawa kai tsaye a cikin ruwan gishiri, rinawa da aidin, da kuma tattarawa. Kowace hanya tana ganin abin da ɗayar ba ta gani, kuma mafi yawan ruɗanin da ake samu a kan sakamako ya samo asali ne daga rashin sanin wace hanya aka bi, da kuma tsawon lokacin da bayan gidan ya yi kafin ya hau madubin likita.

Me ake nema a cikin bayan gida, tun da ido bai ga tsutsa ba?

Ba kasafai ake ganin tsutsar kanta ba. Abin da ake nema iri biyu ne. Na farko shi ne ƙwan tsutsotsi, kamar na macijin ciki da na tsila da na ankilostoma mai shan jini a bangon hanji, domin tsutsar tana zaune a ciki tana zuba ƙwai, ƙwan kuma yana fitowa tare da bayan gida. Na biyu kuwa ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta guda, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne amiba da jiyardiya. Waɗannan suna fitowa cikin siga biyu, kuma fahimtar wannan bambanci ita ce mabuɗin dukan gwajin. Akwai siga mai motsi, wadda take ci tana hayayyafa a cikin hanji, ana samunta a zawo, kuma tana mutuwa da sauri da zarar ta fito waje. Akwai kuma kis, wato sigar da halittar ta naɗe kanta a cikin kwanso mai tauri, ba ta motsi, ana samunta a bayan gida mai ƙarfi, kuma ita ce ke jure zama a ruwa da ƙasa har ta shiga bakin wani.

Girmansu ma ya bambanta ƙwarai. Ƙwan macijin ciki yana da tsawon mikiron 45 zuwa 75, kis na jiyardiya kuwa kamar mikiron 8 zuwa 12 ne kawai, mikiron ɗaya kuma kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita.

Malam, yaya ya kamata in kawo bayan gidan?

A karɓi robar da labo ke bayarwa, mai faɗin baki da murfi, busasshiya. A yi bayan gidan a kan wani abu mai tsabta, kamar fo da aka wanke ya bushe ko sabuwar leda, sannan a ɗiba da ɗan tsinken da ke tare da robar. Cikin babban cokali ɗaya ya isa. Idan akwai wurin da ke da jini ko majina, daga nan za a ɗiba, domin a nan amiba ta fi taruwa.

Abubuwa uku ne suke ɓata samfuri tun daga gida. Fitsari yana kashe amiba mai motsi, don haka a yi fitsari tukuna a wani wuri dabam. Ruwa ma yana fasa ta, ga shi kuma ruwan tabki ko na randa yana iya ɗauke da nasa ƙananan halittu masu motsi da za su ruɗar da mai dubawa. Na uku shi ne ƙasa: wanda ya ɗebo bayan gidan yaro daga kan rairayi a tsakar gida ya kawo yashi da ƙananan tsutsotsin ƙasa waɗanda ba su da alaƙa da cikin yaron, amma a ƙarƙashin madubi suna kama da ƴaƴan tsutsar ciki. Kwalin ashana da takarda da kyallen jariri kuwa suna tsotse ruwan samfurin, abin da ya rage sai busasshen abu da ba ya nuna komai.

Me ya sa ake matsa mana cewa sai mun kawo shi da wuri?

Saboda sigar nan mai motsi. Ƙa'idar da ake bi ita ce a duba zawo mai ruwa-ruwa cikin minti 30 da fitowarsa, mai laushi cikin awa ɗaya, mai ƙarfi kuma a cikin yinin, kada ya wuce awa 24. Idan lokaci ya wuce, amiba takan daina motsi, ta dunƙule, ta fara ruɓewa, sai ta koma kama da farin ƙwayar jini da ta mutu, babu wanda zai iya rantsuwa a kanta.

A nan Damagaram wannan ƙa'ida ta fi tsanani, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Robar da aka rataya a kabu-kabu daga Birni ko Zango, rana tana dukanta, ba ta buƙatar dogon lokaci kafin abin da ke ciki ya lalace. Wanda ya taso daga Mirya ko Matamai ko Magariya da zawo a roba tun asuba, ya iso da hantsi, ya kawo samfurin da za a iya neman ƙwai da kis a cikinsa, amma ba za a iya neman amiba mai rai ba. Shawarata ga duk mai zawo, musamman idan da jini, ita ce ya zo da kansa ya yi a makewayin asibiti, a miƙa robar nan take, a kuma rubuta sa'ar da aka yi a jikinta. Kada a sa zawo a firiji da nufin adana shi, domin sanyi ma yana tsayar da motsin da ake nema. Bayan gida mai ƙarfi ne kaɗai yake jure ɗan zama a firiji.

Yaya ake dubawa kai tsaye?

Kafin a taɓa madubi, ana fara duba samfurin da ido: ƙarfinsa, launinsa, ko akwai jini ko majina, ko akwai farin gutsuren tsila mai faɗi. Wannan kallo na farko yana shiga cikin sakamako, kuma shi ke nuna inda za a ɗiba.

Daga nan sai a ɗauki gilashi mai tsabta, wanda a labo ake kira lam, a ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan gishirin asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin ɗari a gefen hagu, ɗigo ɗaya na aidin a gefen dama. Ana amfani da wannan ruwan gishiri ne ba ruwan famfo ba domin gishirinsa ya yi daidai da na jiki, amiba ba za ta kumbura ta fashe a cikinsa ba. Sai a ɗebo bayan gida da tsinke, kimanin miligiram 2, wato kwatankwacin kan ashana, a dama shi a ɗigon gishiri, sannan a sake ɗibar wani a dama a na aidin. Kullum da gefen gishiri ake farawa, domin idan tsinken ya fara shiga aidin, ɗan abin da ya rage a jikinsa zai kashe duk mai motsi a ɗaya gefen. Bayan haka a rufe kowane ɗigo da siririn gilashin nan, lamel, ana sauke shi a karkace don kada iska ta maƙale.

Kaurin damun shi ne inda ake gane hannun da ya ƙware. Idan aka ɗora lam a kan rubutun jarida, ya kamata a iya karanta rubutun ta cikinsa, da ƙyar amma a karanta. Idan ya yi kauri, tarkacen abinci zai rufe kis. Idan ya yi tsarari da yawa, an rage damar ganin abin da dama ba shi da yawa.

Ana fara dubawa da ƙaramin ido na madubi mai lamba 10, ana bin lamel ɗin gaba ɗaya layi bayan layi, daga kusurwa zuwa kusurwa, ba tsalle. Duk abin da ya ja hankali sai a juya zuwa ido mai lamba 40 a tantance shi. Dole a rage haske, domin kis da amiba kusan ba su da launi, haske mai ƙarfi yana ratsa su ya wuce ba a gan su ba. Wannan kuskure na buɗe haske gaba ɗaya shi ne ya fi yawa a wurin masu koyo. A lokacin hunturu da bazara kuma ɗigon yana bushewa cikin ƴan mintuna, don haka ba a shirya lam da yawa a jere su. A shirya ɗaya, a duba, sannan a shirya na gaba.

To me gefen gishirin ke nunawa wanda sauran ba sa nunawa?

Motsi. Amiba mai cutarwa tana miƙa wani sashe na jikinta mai haske zuwa gaba, sauran jikin ya kwarara ya bi, tana tafiya gefe guda kamar ta san inda za ta. Idan aka ga jajayen ƙwayoyin jini a cikin jikinta, wato ta haɗiye su, wannan ita ce shaida mafi ƙarfi da madubi zai iya bayarwa cewa atunin na amiba ne, tana cin bangon hanji. Jiyardiya mai motsi kuwa tana da faffaɗan kai da siririn wutsiya, tana juyawa tana lilo yayin da take tafiya. Ƴar tsutsar angilul, wadda take fitowa a raye ba a cikin ƙwai ba, ana ganinta tana murɗawa tun da ƙaramin ido.

Gefen gishiri yana kuma nuna abin da ba amiba ba ne amma yana da amfani ga likita. Atunin da ke cike da fararen ƙwayoyin jini, wato ruɓa mai yawa, ba tare da amiba mai motsi ba, ya fi karkata ga ciwon bakteriya irin su shigela, kuma maganinsa dabam ne. A nan ne ake yin kuskure mai tsada, domin wasu manyan fararen ƙwayoyin jini ma suna haɗiye jajaye, mai gaggawa sai ya rubuta amiba. Abin da ke raba su shi ne tafiyar nan ta gefe guda, wadda ba a samunta sai a samfuri mai ɗumi.

Idan aidin yana kashe su, me ya sa ake amfani da shi?

Domin aikinsa a kan kis yake. A cikin ruwan gishiri kis ɗan zagaye ne mai ƙyalli, ba a ganin abin da ke cikinsa sosai. Aidin yana rina jikinsa ya koma ruwan ɗorawa, ya fito da cibiyoyin da ke ciki, ya kuma rina ajiyar sukarinsa ta koma ruwan ƙasa. Da girman kis da siffarsa da yawan cibiyoyinsa ake sanin ko na wa ne.

Kis na amiba mai cutarwa zagaye ne, yawanci mikiron 10 zuwa 15, cibiyoyinsa ba sa wuce 4. Akwai wata amiba da ake kira koli, wadda ba ta cutarwa, kuma ana yawan ganinta. Nata kis ya fi girma, yawanci mikiron 15 zuwa 25, idan ya nuna yana da cibiya 8. Saboda cibiyoyin ba a layi ɗaya suke ba, sai an riƙa murza ƙaramin maɓallin madubi sama da ƙasa a hankali ana ƙirgawa, kuma duk kis ɗin da aka ƙirga masa cibiya 5 ko fiye ya fita daga sahun mai cutarwa. Kis na jiyardiya ba zagaye ba ne, mai ɗan tsawo ne, da siraran zare a tsakiyarsa, sau da yawa kuma jikinsa ya ɗan janye daga kwanson ya bar fili.

Aidin da ake amfani da shi ruwan Lugol ne. Ana haɗa na ajiya da giram 5 na aidin da giram 10 na fotasiyam ayodaid a cikin mililita 100 na tataccen ruwa, sannan a tsarma kaɗan daga ciki kamar sau biyar don aikin yau da kullum. Wanda aka tsarma ya kamata ya yi launin shayi mai ƙarfi, a ajiye shi a kwalba mai duhu, a sabunta shi kamar kowane mako biyu. Haske da zafi suna cinye ƙarfinsa. Idan ya koɗe, cibiyoyi ba sa fitowa. Idan ya yi ƙarfi da yawa, komai ya yi duhu, bayan gidan ya dunƙule, kis ya ɓace a ciki. Kwalbar Lugol da ta daɗe a bakin taga rana tana dukanta tana iya sa labo guda ya yi ta ba da sakamako mara kyau ba tare da kowa ya lura ba.

An rubuta mini kis na amiba. Ina da ciwon amiba ke nan?

Ba lallai ba ne, kuma wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa a garin nan suna ɗora duk wani ciwon ciki a kan amiba. Akwai amiba biyu da kis ɗinsu iri ɗaya ne sak a ƙarƙashin madubi, ɗaya, histolitika, tana iya cin hanji har ta kai hanta, ɗayar kuwa, disfar, tana zaune ne kawai ba ta cutarwa, kuma ita ta fi yawa a cikin mutane. An tabbatar da cewa jinsi biyu ne dabam a shekarar 1993, kuma a 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa rubuta sunayen biyu tare idan da madubi kawai aka gani. Shi ya sa a takardar sakamako mai kyau za a ga an rubuta Entamoeba histolytica/dispar. Raba su yana buƙatar gwajin da ya wuce madubi.

Ma'anar wannan ita ce ganin kis bai isa ya bayyana ciwon da mutum yake ji ba. Likita ne zai haɗa sakamakon da alamun majinyaci ya yanke shawara. Idan kuma koli aka rubuta, ba a shan magani dominta, sai dai tana shaida cewa ruwa ko abincin da ya gauraya da najasa ya shiga baki, wanda kuwa ita ce hanyar da masu cutarwar ma suke bi.

Mene ne tattarawa, kuma me ya sa ba a tsaya a hanyoyi biyun farko ba?

Domin miligiram 2 abu ne kaɗan ƙwarai. Wanda ke ɗauke da tsutsa kaɗan, ko wanda kis ɗinsa ke fita jefi-jefi, ana iya duba lam ɗinsa da kyau ba a ga komai ba. Tattarawa tana ɗaukar kimanin giram ɗaya, wato ninki 500 na abin da ke kan lam, ta raba shi da mai da tarkace, ta tara ƙwai da kis a ƴan ɗigo kaɗan.

Hanyar da aka fi sani ita ce ta formol da etar, wadda ake kira da sunan Ritchie, wanda ya bayyana ta a 1948. Ana dama giram ɗaya na bayan gida a cikin mililita 10 na formol mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, a bar shi ya zauna kamar rabin awa domin ƙwai da kis su ƙame a siffarsu. Sai a tace da gaz, wato farin kyallen raga na ɗaure ciwo, ninki biyu, a zuba mililita 7 a bututun gwaji mai tsinin gindi, a ƙara mililita 3 na etar ko etil asetat, ruwan sinadari masu narkar da mai, a toshe baki, a girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 30. Ana buɗe murfin a hankali, ana kau da shi daga fuska, domin tururi ya taru a ciki. Daga nan sai a sa bututun a injin juyi, mai jujjuya shi da gudu don abu mai nauyi ya sauka gindi, a ƙarfin da ya kai ninki 500 na jan ƙasa, na minti 10. Wasu labo suna taƙaita lokacin, ƙwai masu nauyi kuma suna sauka duk da haka, amma ƙananan abubuwa sun fi samun sauka idan aka ba su lokacin.

Idan aka fito da bututun za a ga hawa huɗu: etar a sama, sai toshiyar tarkace da mai, sai formol, sai ɗan laka a can gindi. Lakar nan ita ce abin nema. Ana kewaya toshiyar da tsinke a raba ta da jikin bututu, a zubar da hawa ukun sama da juyi ɗaya, a goge cikin bututun da auduga kafin a miƙe shi don kada tarkace ya gangaro, sannan a dama lakar da ɗigon da ya rage a ɗora a lam, rabi haka nan, rabi da aidin. Wanda ya manta raba toshiyar zai ga ta faɗo kan lakar, aikin ya koma inda aka faro. Wanda ya tace da gaz mai ninki da yawa kuma ya bar ƙwan a jikin gaz.

Game da etar akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Etar yana tafasa ne a kusan digiri 35, wato a ranar bazara ɗakin labo da kansa ya fi wannan zafi. Kwalbar tana ƙarewa ko ba a taɓa ta ba, tururinsa yana kama wuta da ɗan tartsatsi, kuma ba a ajiye shi a firijin gida. Etil asetat ba ya tafasa sai a digiri 77, yana ba da sakamako mai kama da na etar, kuma a ganina shi ya fi dacewa da yanayinmu, ko da yake shi ma yana kama wuta. Formol kuma yana ƙona ido da hanci, aikinsa na buƙatar safar hannu da ɗaki mai iska.

Inda babu injin juyi ko wuta ta ɗauke fa?

Akwai hanyar Willis, wadda take sa ƙwai su taso sama maimakon su sauka. Ana narka gishiri a ruwa har ya ƙi narkewa, a dama bayan gida a ciki, a cika ƙaramar kwalba har ruwan ya ɗan tudu a baki, a ɗora lamel a kai kamar minti 15, sannan a ɗaga shi a miƙe a ɗora a lam. Ƙwai marasa nauyi, irin na ankilostoma da na ƙaramar tsila da ta fi kama yara, suna manne a jikinsa, kuma filin dubawa yana fitowa fes. Iyakarta ita ce ƙwai masu nauyi ba sa tasowa, kamar na tsargiyar hanji da ƙwan macijin ciki wanda ba a barbare shi ba, gishirin kuma yana murƙushe kis. Ba ta maye gurbin ta Ritchie, amma a ƙaramin gidan likita na karkara tana da amfani.

Za a iya kawo misalin yadda hanyoyin uku ke aiki a kan samfuri ɗaya?

A ɗauka yaro ne ɗan shekara 6, mako uku yana zawo mai laushi mai wari, cikinsa na kumburi, babu jini, babu zazzaɓi, yana ramewa. Mahaifiyarsa ta ɗebi bayan gida da ƙarfe 7 na safe, ta iso labo ƙarfe 10. Da ido an ga mai laushi, fari-fari, da maiƙo a jikinsa. A gefen gishiri babu mai motsi, kuma ba a yi mamaki ba tun da awa uku sun wuce. An ga ɗigon mai da ƙwayoyin sitaci da zaren ganye. A gefen aidin sitacin ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, abin da ya fitar da shi daga zargi, an kuma ga wani abu guda mai ɗan tsawo wanda bai fito sosai ba.

Idan aka tsaya a nan, za a rubuta ba a ga komai ba, a sallami yaron. Amma alamunsa da maiƙon nan suna nuni ga jiyardiya, wadda ke manne a farkon ƙaramin hanji tana hana jiki tsotse mai. Sai a tattara. A cikin lakar, da aidin da ido mai lamba 40, an ga kis masu ɗan tsawo, kimanin mikiron 10, da zare a tsakiya da cibiyoyi a gefe guda, biyu ko uku a fili ɗaya. An kuma ga ƙwai kaɗan masu haske, kusan zagaye, kimanin mikiron 40, da ƙananan ƙugiyoyi 6 a tsakiya da siraran zare tsakanin ɓawo biyu, wato ƙwan ƙaramar tsila. Sakamakon sai ya ambaci siffar samfurin, da sa'ar da aka yi shi da wadda aka duba, da hanyoyin da aka bi, da abubuwa biyun da aka gani.

Amfanin wannan ga yaron a fili yake. Ƙwayar albendazol guda da ake ba yara don tsutsa tana kashe macijin ciki, amma ba ta isa ga waɗannan biyun ba. Jiyardiya tana buƙatar magani irin su metronidazol, ƙaramar tsila kuma firazikwantel, kowanne da awon da likita zai yanke bisa nauyin yaron.

An ce ba a ga komai ba, amma ciwon yana nan. Me ya rage?

Sakamako ɗaya ba ya wanke mutum. Jiyardiya musamman tana zuba kis yau ta tsaya gobe, shi ya sa ake neman samfuri uku, a riƙa tsallake rana tsakaninsu, duka a cikin kwana 10. Magani ma yana ɓoye su. Wanda ya sayi metronidazol a wurin mai tallar magani ya sha kwana biyu kafin ya zo ya rage yawansu har ba za a gan su ba, alhali bai warke ba. Haka maganin tsayar da zawo mai farar ƙasa, da man da ake sha don sakin ciki, da farin ruwan da ake sha kafin hoton hanji, duk suna rufe filin dubawa, sai an jira kamar mako guda zuwa kwana 10 bayan su, maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma mako biyu ko fiye. A gaya wa likita da mai labo duk abin da aka sha, har da jiƙe-jiƙen gida. Wanda zawonsa ya yi tsanani kuwa ba ya jiran waɗannan kwanaki, a kai shi asibiti nan take.

Akwai waɗanda hanyoyin nan uku ba sa kamawa?

Akwai. Ƙaramar farar tsutsar da ke sa yara susar dubura da dare tana zuba ƙwanta ne a fatar bakin dubura, ba a cikin hanji ba, don haka ana manna salatif mai haske a wurin da sassafe kafin wanka a ɗora a lam. Kiriftosforidiyom, mai sa zawo mai ruwa ga ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki, bai wuce mikiron 4 zuwa 6 ba, sai da rini na musamman ake tabbatar da shi. Angilul tana buƙatar hanyar Baermann, inda ɗumin ruwa ke jawo ƴaƴan tsutsar su fito. Yaron da ke wanka a tabki da damina yana fitsarin jini kuwa, tsargiyarsa a fitsari ake nemanta, ba a bayan gida ba. Taifot da kwalara ma ba aikin wannan gwaji ba ne, domin bakteriya ne, sai an shuka samfurin a jira su tsiro. Idan likita yana zargin ɗaya daga cikin waɗannan, ya rubuta shi a takarda da sunansa, domin KOP kaɗai ba zai sa mai labo ya bi waɗannan hanyoyi ba.